Yadda na gyara maɓallin rajistarmu

Kwana uku mutane suna shiga shafin rajistar darasinmu amma ba mai dannawa, sai dai su riƙa turo min tambaya wai in sun danna kuɗi za a cire musu ne. Na canja kalar maɓallin, na ƙara masa girma, shiru. Ashe rubutun ne matsalar, "Danna nan" kawai na sa, to a danna a ga me? Sai na mayar da shi "Yi rajista kyauta", a ƙasansa na ƙara layi ɗaya: "Za ka sa suna da imel kawai, saƙon ranar farawa zai shigo maka nan take." Na gwada da kaina, saƙon ya shigo. Tambayar kuɗin nan ta tsaya, alhamdulillahi.