Kurakuran da aka fi yi a sashen tattaunawa na rahoton gwajin Posner

Gwajin da Michael Posner ya bayyana a 1980 ba shi da wuyar gudanarwa. Mutum ya kafa ido a kan ƙaramar alama a tsakiyar allon kwamfuta, kibiya ta nuna hagu ko dama, sai ɗigo ya bayyana a ɗaya daga cikin ɓangarorin, mutumin ya danna maɓalli da sauri, a auna lokacin da ya ɗauka. A yawancin zagaye, kamar 80 cikin 100, kibiyar gaskiya take faɗa, a sauran kuma yaudara ce. Akan saka wasu zagayen da alamar ba-ruwana, wadda ba ta nuna kowane ɓangare. Inda ɗalibai ke tuntuɓe shi ne wajen bayyana abin da alƙaluman ke nufi.

Mu ƙaddara ajinku ya samu milisakan 310 idan kibiya ta faɗi gaskiya, 335 a alamar ba-ruwana, 370 idan ta yi yaudara. Abin da na fi gani a rahotanni shi ne a sake jero waɗannan alƙaluma, a ɗora da "wannan ya tabbatar da hasashenmu", shi ke nan. Ai mai dubawa ya riga ya karanta su a sashen sakamako. Abin da yake jira shi ne ka raba tazarar milisakan 60 ɗin nan gida biyu. Tsakanin 335 da 310 akwai ribar 25, wato abin da mutum ya samu don hankalinsa ya riga ɗigon isa wurin. Tsakanin 335 da 370 akwai asarar 35, wato lokacin da ya ɓata wajen janyo hankali daga inda aka tura shi, ya mai da shi ɗaya ɓangaren. In gwajinku ba shi da alamar ba-ruwana, kada ka ce kibiyar gaskiya ta ƙara sauri, don ba ka da ma'aunin da za ka gane ko ita ce ta taimaka ko ta yaudarar ce ta kawo jinkiri. Tazarar kawai za ka iya ambata.

Sai batun ido, wanda kusan kowa ke tsallakewa. Da'awar gwajin ita ce hankali na iya matsawa alhali ido na nan a tsaye. To a aji, wa ya lura da idanun mutane? In ba ku yi amfani da na'urar bin motsin ido ba, kuma tazarar da ke tsakanin kibiya da ɗigo ta kai rabin daƙiƙa, mutum na da isasshen lokacin da zai kai dubansa can, tunda motsin ido kan fara ne cikin kimanin milisakan 200. Ka faɗi haka ƙarara, ka kuma faɗi illarsa: wani kaso na ribar 25 ɗin zai iya kasancewa na gani ne, saboda tsakiyar ido ta fi gefensa kaifi. Wannan ya fi amfani nesa da jimlar da kowa ke liƙawa, wai "mutanen da aka gwada ba su da yawa", ba tare da nuna abin da ƙarancin ya taɓa ba.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne na wanda sakamakonsa ya juye. Na taɓa duba rahoton da alamar gaskiya ta fi jinkiri, marubucin ya cika shafi da ba da haƙuri, ya ɗora laifin kan hayaniyar ɗaki. Da na koma sashen hanyar gwaji, ashe ba kibiya suka yi amfani da ita ba, walƙiya ce a gefen allo wadda ba ta hasashen inda ɗigo zai fito, kuma tazarar da ke tsakanin walƙiyar da ɗigon ta kai milisakan 600. Posner da Yoav Cohen sun nuna tun 1984 cewa irin wannan walƙiya kan taimaka a gajeriyar tazara, amma daga kimanin milisakan 300 abin kan juye, hankali ya yi nauyin komawa inda ya baro. Sakamakon ɗalibin daidai yake, fassararsa ce ta kauce. Kafin ka ce gwaji ya lalace, duba irin alamar da tsawon tazarar.

Kada kuma ka yi maganar sauri ka manta da kuskure. In mutane sun fi sauri a zagayen gaskiya amma suna danna maɓalli kafin ɗigo ya fito, gaggawa ce, ba kaifin lura ba. Shi ya sa akan zubar da amsar da ta gaza milisakan 100, kuma ya kamata ka ambaci ko kun yi hakan.

Idan lissafi ya ba ka p = 0.20, rubuta cewa ba ku samu isasshiyar hujjar bambanci ba. Cewa "alamar ba ta da tasiri" magana ce dabam, kuma alƙalumanka ba su kai ka can ba.