Matakan raba rukunin adireshin IP zuwa ƙananan rukunoni

A ce wata makaranta a Maradi ta samu rukunin 192.168.10.0/24 mai adireshi 256, tana son ta raba shi tsakanin ɗakin kwamfuta mai na'ura 50, da ofis mai 20, da ɗakin malamai mai 10.

Da farko a jera buƙatun daga babba zuwa ƙarami, domin idan aka fara da ƙarami, babban rukuni ba zai faɗa kan iyakar da ta dace ba. Sannan a nemo wa kowane sashe girman da zai ɗauke shi daga cikin 16, 32, 64 da 128, ana tuna cewa adireshi biyu ba a ba na'ura su: na farko sunan rukunin ne, na ƙarshe kuma na aika saƙo ga kowa ne.

Ɗakin kwamfuta yana buƙatar 64, wato /26, wanda zai ɗauki na'ura 62. Ana samun lambar ƙarshe ta mask, wato lambar da ke nuna wa na'ura iyakar rukuninta, idan aka cire girman daga 256, saboda haka 256 − 64 ya ba da 192, mask ɗin ya zama 255.255.255.192. Rukunin ya fara daga 192.168.10.0, ya ƙare a 192.168.10.63.

Ofis ya karɓi 32, wato 192.168.10.64/27 da 255.255.255.224, har zuwa .95. Malamai kuma 192.168.10.96/28 da 255.255.255.240, har zuwa .111.

Abin da na fi so a kiyaye shi ne kada a bar 255.255.255.0 a kan kwamfutar ofis, domin za ta ɗauka na'urorin malamai suna tare da ita, ta ƙi miƙa saƙonsu ga rauta, na'urar da ke haɗa rukunonin. Alamar hakan ita ce intanet yana aiki amma umarnin gwaji na `ping 192.168.10.100` zuwa wata na'urar malamai ba ya samun amsa.