Naira ɗari da ba ka san inda ta tafi ba: kurakuran da aka fi yi

Wani ɗan'uwana mai sayar da yadi a kasuwar Wuse ya ga alat da daren Juma'a, an cire masa naira 100. Da asuba aka sake cire 250. Ya ce ai halin banki ne, ya buɗe shago ya ci gaba da harkarsa. Ranar Litinin da dare, bayan kuɗin cinikin mako sun shiga asusun, aka kwashe naira 187,000 a cira uku cikin mintuna kaɗan. Katin kuwa yana aljihunsa.

Wannan naira ɗarin gwaji ce. Ɓarayi kan samu lambobin katuna da yawa a lokaci guda: doguwar lambar gaba, ranar ƙarewar aiki, da lambobi uku na baya da ake kira CVV. Ba su san wanne ke aiki ba, sai su bi su ɗaya bayan ɗaya da ɗan ƙaramin ciniki a shagon intanet ko shafin karɓar gudummawa. Wanda kuɗi ya fita a cikinsa, sun gane yana da rai, sai su yi babban cira ko su sayar wa wani ɓarawon.

Kuskuren da ya fi cin mutane shi ne na ɗan'uwan nan nawa, wato ɗaukar kowane ƙaramin cira a matsayin cajin banki. Ban ga laifinsa sosai ba, don an saba mana da cire-cire: kuɗin tes, kuɗin kula da kati, harajin naira 50 kan turin da ya kai 10,000. Amma waɗannan suna zuwa da sunansu a rubuce. Gyaran shi ne ka daina tsayawa kan adadin kuɗin, ka karanta bayanin da ke ƙarƙashinsa. In ka ga sunan wani shago ko shafi da ba ka taɓa hulɗa da shi ba, sau da yawa tare da kalmar WEB, to wani ne ya yi ciniki da katinka. Tambaya ɗaya ce za ka yi wa kanka: yau na saka katina a wata manhaja? Wasu manhajojin gaskiya kan cire ɗan kuɗi kaɗan don tabbatar da kati, amma a daidai lokacin da ka saka shi, ba ƙarfe biyun dare kana barci ba.

Wasu kuma in aka dawo da kuɗin sai hankalinsu ya kwanta. Dawowar ba ta goge komai ba, ɓarawo ya riga ya samu amsarsa. Haka ma saƙon da ke cewa an yi yunƙurin cira amma kuɗi ba su isa ba: an gane katin na aiki, albashi kawai ake jira.

Sai masu garzayawa su canza lambar sirri su ce sun rufe ƙofa. Wannan ya fi ba ni takaici, don mutum ya farga, ya yi ƙoƙari, amma ƙofar da ya rufe daban ce. Shafuka da yawa, musamman na ƙetare, ba sa neman lambar sirri, wasu ko OTP, wato lambar nan da banki ke turo maka ta waya don tabbatar da ciniki, ba sa nema. Abin da ke rubuce jikin katin ya ishe su. Katin ne za ka toshe gaba ɗaya, ta manhajar bankinka, ko lambar toshewa da ake dannawa a waya, ko ka kira lambar da ke bayan katin. Kada ka jira Litinin. Kowa ya nemi lambar toshewar bankinsa yau, ya rubuta a takarda. Daga baya ka karɓi sabon kati mai sabuwar lamba; kuɗinsa bai kai ko kusa da abin da za ka rasa ba.

Ka kuma sa ran kira. Wani zai ce daga banki yake, sun ga an cire maka naira ɗari, ka karanto lambar da aka turo maka don a mayar. Ya san adadin ne don shi ya cire. Kashe wayar.

Bayan toshewa, ka kai ƙorafi banki a rubuce, da rana da lokaci da sunan shagon da ya fito a alat, har da ƙananan cirar, ka karɓi lambar ƙorafi. In mako biyu suka wuce ba a warware ba, ka kai batun sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin Najeriya, nan Abuja, da wannan lambar a hannunka.