Babi na Shida: Gwaggo Tela da Hoton da Ya Ƙi Fitowa Daidai

Darasi na ɗaya

Kafin mu fara, kowa ta fito da littafin rubutunta da biro. A ajiye waya tukuna. A wannan babin littafi ne a gaba, waya tana biye. Ku karanta labarin nan a hankali, in kalma ta yi wuya ku ja layi a ƙarƙashinta, za mu dawo kanta.

A wata unguwa kusa da Ƙofar Marusa a birnin Katsina akwai wata tela da yaran gidan ke kira Gwaggo. Ta daɗe tana ɗinki, hannunta ya faɗa, amma tana da damuwa ɗaya. Duk samfurin da ta ƙirƙiro a ranta, sai ta sayi turmin atamfa, yadi 6, ta yanka ta ɗinka kafin mai saye ta gani. In bai burge kowa ba, kuɗi sun kwanta.

Ana saura wata guda Sallah, ɗiyar ƙanenta ta zo hutu. Ta nuna mata wata manhaja a waya wadda ake rubuta mata bayani ta zana hoto.

"Gwaggo, ki faɗa mani rigar da ke ranki, ni in rubuta."

"Mi za ni faɗa? Rubuta doguwar riga mai kyau ta atamfa."

Yarinyar ta juya maganar zuwa Turanci, domin irin waɗannan manhajoji sun fi gane Turanci a kan Hausa, ta aika. Hoto ya fito. Riga ce ta atamfa kam, amma ba hannu ko kaɗan, ta matse jiki, ga tsaga har gwiwa, kan matar kuma a buɗe. Gwaggo ta yi salati ta tura wayar gefe. "Wa zai sa wannan a Katsina?"

Mu tsaya a nan. Laifin wa? Manhajar ba ta san Gwaggo ba, ba ta taɓa shiga gidan biki a Katsina ba. An koya mata zane ne da hotuna masu ɗimbin yawa daga ko'ina a duniya. Duk abin da ba a faɗa mata ba, sai ta cike gurbin da abin da ta fi saba gani. Gwaggo ba ta ambaci hannu ba, sai manhaja ta zaɓa mata. Ba ta ambaci ɗankwali ba, sai aka bar kan haka nan. Kalmar "mai kyau" kuwa ba ta gaya wa kowa komai. Ku da kanku, in mace ta ajiye maku yadi ta ce "ɗinka mani mai kyau" ta juya, ai sai kun kira ta kun tambaya.

Darasi na biyu: a ina ya tsaya?

Wannan shi ne darasin da na fi ganin ana tuntuɓe a kansa, don haka za mu daɗe a nan. Kada kowa ta gaji.

Washegari Gwaggo ta ɗauko littafin awonta. Ta ce yau za ta yi wa abin nan bayani irin na tela. Ta sa aka rubuta: hannu inci 23, tsawon riga inci 57. Hoto ya fito, hannun ya tsaya a gwiwar hannu, rigar ta tsaya a tsakiyar ƙwauri.

"Ikon Allah! Ba ta iya lissafi ba ne?"

"Gwaggo, ba ta da tef. Matar da ke cikin hoton ma ba ta da awo, zana ta aka yi."

Yarinyar ta faɗi gaskiya. Inci 23 yana da ma'ana ne a jikin wadda kuka auna. A hoton da aka zana babu jikin da za a ɗora tef a kai. Abin da manhaja ke ganewa shi ne gaɓoɓin jiki: kafaɗa, gwiwar hannu, wuyan hannu, ƙugu, gwiwa, idon sawu. Saboda haka kowane ɓangare na riga, ku faɗi gaɓar da ya tsaya a kanta.

Kada ku rubuta "dogon hannu" ku yi shiru. Dogo zuwa ina? Ku rubuta: hannu ya sauka ya tsaya a wuyan hannu. Kada ku rubuta "doguwar riga" ku yi shiru. Ku rubuta: riga ta sauka ta tsaya a idon sawu. Haka wuya. "Ƙaramin wuya" bai isa ba. Ku rubuta: wuya zagayayye, ya rufe ƙirji, ya tsaya a gindin wuya.

Yanzu kowa ta ɗora yatsa a kafaɗarta, ta jawo shi a hankali zuwa inda hannun rigar da ke jikinta ya ƙare. Menene sunan wurin? Ku faɗa da ƙarfi. Ku rubuta shi. Madalla. Wadda ta rubuta "nan", ta goge, domin manhaja ba ta ganin yatsanki. Sunan wurin ake so. In rubutun "gwiwar hannu" ya ba ki wuya, ba komai, duba allo ki kwafa harafi bayan harafi. Jiya ba ki iya ba, yau kin rubuta.

Mu sake. Hannu, a ina ya tsaya? Riga, a ina ta tsaya? Wuya, a ina ya tsaya? In akwai tattara, daga ina ta fara, ƙarƙashin ƙirji ko ƙugu? In akwai aiki, a ina yake zaune, kuma layi nawa ne?

Gwaggo ta zauna a bakin kekenta ta rubuta da hannunta, tana yi tana gogewa, har ta samu wannan: doguwar riga ta atamfa, koriya mai duhu da furanni ruwan ƙwai. Sakakkiya ce. Wuya zagayayye, ya tsaya a gindin wuya. Hannu ya tsaya a wuyan hannu, an tattare bakinsa. Tattara ta fara daga ƙarƙashin ƙirji. Riga ta tsaya a idon sawu. Ɗankwali na atamfar rigar, ya rufe gashi duka. Mace tana tsaye tana fuskantar gaba, ana ganinta daga kai har ƙafa, bayanta farin bango.

Ga yadda yarinyar ta buga shi a waya. Ba sai kun haddace Turancin ba, ku duba dai yadda aka faɗi kowane ɓangare ɗaya bayan ɗaya:

```
Nigerian woman standing, front view, full body, plain white wall.
Loose dark green ankara dress, yellow flowers, ankle length.
High round neckline. Sleeves end at the wrist, gathered cuffs.
Gathers start under the bust. Matching headwrap covers all hair.
```

Da hoton ya fito, Gwaggo ta matso da wayar kusa da idonta ta daɗe tana kallo. Hannu ya kai wuyan hannu, wuya ya rufe, ɗankwali ya zauna. Abu ɗaya ya rage: tsagar nan tana nan a gefe.

Na san abin da wasu za su yi gobe. Duk wannan maimaicin da muka yi, sai mutum ya koma gida ya rubuta "dogon hannu" ya dawo yana cewa waya ta lalace. Ajin da ya gabata haka aka yi mini har mako uku. Don Allah kada ku sa mu koma baya. Wadda ta kawo mini takarda babu sunan gaɓa a jikin hannu, wuya da tsawo, zan mayar mata ta sake, ko da kuwa ta girme ni. A ina ya tsaya? Ku tambayi kanku sau uku kafin ku miƙa wa yaro ya buga.

Darasi na uku: tsagar da ta ƙi tafiya

Gwaggo ta ce a ƙara "ban da tsaga". Aka ƙara, tsaga ta sake fitowa. Hakan yana faruwa da wasu manhajoji: da zarar sun ga kalmar a cikin bayani, sukan zana abin, ko da an sa "ban da" a gabanta. Maganin shi ne a faɗi abin da ake so a gani. Sai aka goge wancan, aka rubuta cewa ƙasan rigar a rufe yake, an kalmashe shi ya zagaye ko'ina. A karo na biyu tsaga ta ɓace.

Ku lura, abu ɗaya tak suka canza. Da sun taɓa launi da hannu da tsaga a lokaci guda, hoto ya gyaru ko ya ɓaci, ba za su san wanne ne sanadi ba. Ku sani kuma, bayani ɗaya yakan ba da hoto daban duk lokacin da aka aika. In ya kusa daidai, ku sake aikawa sau biyu ko uku kafin ku taɓa rubutun. Wanda ya yi daidai ku adana shi nan take, bayanin kuma yana nan a littafinku.

Darasi na huɗu

Akwai abin da kalma ba ta iya kawowa. Furen da ke hoton ba shi ne ainihin zanen atamfar da Gwaggo ta sayo a babbar kasuwa ba, kama ce kawai. Ƙidaya ma takan kuɓuce: a ce maɓalli 5, a ga 4 ko 7. Ku ƙirga da idonku.

Ran da wata Hajiya ta zo kawo ɗinkin Sallah, Gwaggo ta nuna mata hotuna takwas da ta tara.

"Hajiya, waɗannan zane ne na waya, ban ɗinka su ba tukuna. Samfurin za ki duba. Zanen atamfa kuwa wanda kika kawo shi za ki gani."

Hajiya ta zaɓi koriyar, ta ce a sassauta mata hannun kaɗan. Gwaggo ta ɗauko tef, domin yanzu ne inci 23 ya yi amfani. Ku ma ku riƙa faɗa wa masu kawo ɗinki haka tun farko, kuma kada ku nuna samfurin da hannunku bai iya ɗinkawa ba.

Darasi na biyar

Aikin gida. Kowa ta zaɓi riga da zani guda daga cikin kayanta, ta rubuta bayaninsu a layi shida. Launi, wuya, hannu, tsawon riga, tsawon zani, ɗankwali. A ja layi ƙarƙashin sunan kowace gaɓa. A kawo ranar Litinin.