Gyaran Murya Mai Ƙaraji a Audacity

1. Ka buɗe kwafin fayil ɗin, ka adana na asali. Ka ƙara girman hoton sautin, inda muryar ta yi yawa za ka ga kan igiyar ya baje kamar an yanke shi da reza.

2. Ka rage ƙarfin sautin da Amplify, misali -10 dB. Gyaran zai sake zana kawunan da suka yanke, don haka sai an bar musu wuri.

3. Ka zaɓi wurin da ya lalace kaɗai, ka shiga Clip Fix, ka bar Threshold a 95%. In ƙarajin bai tafi ba, ka koma baya, ka gwada 90%.

4. Ka saurara da abin kunne.

In mutum ya daɗe yana ihu a bakin makirufo, gyara ba zai yi ba, gara a sake ɗauka.