Yadda Ake Gyara Launi Ɗaya a Figma Ya Sauya Ko'ina

A ce mai kanti a Kumasi ya nemi a mayar da maɓallan manhajarsa kore. Da farko, buɗe zanen manhajar a Figma, inda ake zana fasalin manhajoji, ka danna fili inda babu komai, domin jerin salon launuka, wato launukan da aka adana da suna, ya bayyana a hannun dama. Nemo salon da maɓallan suka ɗauka, ka danna Edit style, sannan ka rubuta 1B7F3B a gurbin lambar launin. Nan take kowane shafi zai sauya.

Idan wani maɓalli ya ƙi, to da hannu aka sa masa launi, ko kuma an raba shi da salon, sai ka zaɓe shi ka sake ɗaura masa salon ta Fill, wato sashen sa launi da ke hannun dama. Idan wasu fayiloli na amfani da salon, danna Publish, kuma sai masu su sun karɓi sabuntawar kafin ta bayyana.