Kayen yaro ya zo gida da kurakurai: abin da bai kamata mu taɓa ba

A makarantar allo babu uwar da ke wanke wa ɗanta allo kafin malam ya duba rubutun. Kowa ya san sai malam ya bi da alƙalami, ya ga inda aka bar wasali da inda aka tsallake kalma, yaro ya biya, sannan a wanke. Amma da kaye, wato littafin rubutun makarantar boko, ya shigo gida, sai ka ga uwa ta ɗauki abin gogewa, ko yayan yaron ya ɗauki bik, a gyara shafi tas kafin gari ya waye. Na ga haka a gidan ƙanwata a nan Garwa, ni ma kuma na taɓa yi da hannuna.

Ɗanta shekararsa 7, bai daɗe da shiga aji CE1 ba, wato aji na uku bayan SIL da CP. Wata Laraba malamarsu ta yi musu dikte, ta ce su je da kayen gida iyaye su gani, washegari za ta karɓa. Abin da ta karanta musu shi ne: *Papa va au marché. Il achète du poisson et des tomates.* Baba zai je kasuwa, ya sayi kifi da tumatir. Ga abin da yaron ya rubuta, haruffa suna hawa suna sauka:

*Papa ba o marché. il achèt di foison é bé tomat*

Uwar ta miƙo mini kayen ranta a ɓace, ta ce, "Yaya, dubi wannan abin kunya. Bari in goge ya sake kwafa kafin Malama ta gani." Wannan shi ne kuskure na farko da mu manya muke yi, kuma shi ne babba. Malamar da ke da aji cike da yara ba ta iya zama da kowane ɗaya ta saurari yadda yake furta kalma. Shafin nan ne ke gaya mata abin da ya shiga kan yaron da abin da bai shiga ba. In aka goge, za ta ga rubutu mai tsabta, ta ɗauka ya gane, ta wuce darasi na gaba, matsalar kuma ta biyo shi har ranar jarrabawa, inda babu Inna babu Kawu. Yage shafi ma bai fi ba. Kayen ɗinke yake a tsakiya, in ka cire shafi ɗaya abokinsa na ɗaya ɓangaren zai zame ya faɗi, ka yi asarar aikin wata rana da ba ta da laifi. Gyaran wannan kuskuren shi ne a ajiye abin gogewa, a kawo wata takarda dabam. Duk abin da babba zai rubuta, a can zai rubuta shi.

Kuskure na biyu shi ne mu karanta da idonmu, shiru, kamar muna karanta wasiƙa. Rubutun yaro mai wannan shekaru furuci ne aka zuba a takarda. Yana jin sauti, ya nemo harafin da ya sani ya ɗora masa, don haka sai da murya ake gane shi, kuma muryar mai rubutun ta fi. Na ce masa, "Zo ka zauna, ka ɗora yatsa ka karanta wa Kawu abin da ka rubuta." Ban nuna masa ko'ina ba, ban kuma ɓata fuska ba, don da yaro ya ga fuska ta canja zai daina karanta abin da ke gabansa ya koma cankar abin da kake so ka ji. A yi wannan a ranar da aka yi rubutun. Bayan kwana uku ko huɗu shi kansa ba ya tuna abin da yake nufi da wasu kalmomin.

Karatun nasa ne ya warware mini abin da idona bai iya warwarewa ba. Harafin *b* ya fito sau biyu a inda bai kamata ba: a *ba* maimakon *va*, da kuma a *bé* maimakon *des*. Mai dubawa da ido zai ce matsala ɗaya ce. Amma da ya zo kan *ba*, "ba" ya ce, kuma da na tambaye shi me Malama ta faɗa, ya sake cewa "ba". Da ya zo kan *bé* kuwa, "de" ya karanta, babu ko gargada. Ashe abu biyu ne. Na farko daga kunne yake: Hausa ba ta da sautin *v*, sai kunnensa ya kai shi ga mafi kusa da shi, wato *b*. Na biyu daga ido da hannu yake: ya ji daidai, ya san harafin da yake so, sai cikin harafin ya juya dama maimakon hagu. Da an goge su an rubuta daidai, babu wanda zai taɓa sanin cewa magani biyu ake bukata.

Wannan ya kai mu ga kuskure na uku, ƙirga laifi maimakon rarraba shi. In ka ƙirga, kuskure 11 ne a jimla biyu, adadin da ke tayar wa iyaye hankali har a kai ga bulala. In ka rarraba, lissafin ya canja. Uku na kunne ne: *ba*, sai *di* maimakon *du*, don wasalin *u* na Faransanci babu shi a Hausa, sai *f* a farkon *foison*, don mu Hausawa ba mu raba *p* da *f* a bakinmu. Ɗaya na ido ne, wato *bé*. Sauran bakwai duk na ƙa'idar rubutu ne da bai gama koya ba: ya sa *o* a inda ake sa *au*, ya sa *é* a *et* da *des*, ya bar haruffan ƙarshe da ba a furtawa a *achète* da *tomates*, ya fara jimla da ƙaramin harafi, ya sa *s* ɗaya a inda ake sa biyu.

Waɗannan bakwai su ne suka fi yawa, amma su ne suka fi ƙarancin ban tsoro. Faransanci na da haruffa 26, sautukansa kuwa sun haura 30, kuma sauti ɗaya kamar "o" ana rubuta shi *o* ko *au* ko *eau*. Yaron da ya rubuta *tomat* ya ji kowane sauti na kalmar, ya jera su bi da bi, bai tsallake ko ɗaya ba. Aiki ne na hankali, kuma ƙa'idar da ta rage aikin aji ce, tana cikin abin da ake koyarwa a CE1 da CE2. Na kunnen ne suka fi bukatar a kula, don ba sa tafiya da kwafi. Dubi yadda ya rubuta *Papa* daidai da *p* biyu, amma ya faɗi a *poisson*. Ta farkon ya haddace siffarta tun SIL. Ta biyun sai da ya dogara da kunnensa. Ko sau 20 ka sa shi ya kwafi *poisson*, zai haddace ta kamar yadda ya haddace *Papa*, gobe a ba shi *porte* ya rubuta ta da *f*. Wani abin lura kuma: da uwar ta gyara masa *f* kaɗai ta bar *s* ɗaya, da kifin ya koma *poison*, wato guba, don *s* ɗaya tsakanin wasula biyu "z" ake karanta shi.

Game da kyan hannu, nan ma muna yawan zalunci. Muna kiran rubutu tafiyar kaza ba tare da mun duba layin ba. Kayen da ake amfani da shi a makarantun Faransanci yana da manyan layuka tazarar milimita 8, a tsakaninsu kuma akwai siraran layuka tazarar milimita 2. Ƙananan haruffa irin *a* da *o* da *m* tsayin tazara ɗaya suke ɗauka, *t* da *d* biyu, *l* da *b* da *h* uku, *p* da *q* kuma su sauka biyu a ƙasan layi. Da wannan ma'aunin sai ka daina cewa "rubutun ba kyau", ka ce "*a* ɗinsa na kai tsayin *d*", wanda abu ne da malama za ta iya aiki da shi. Yana taimaka wa karatu ma: harafin da ka kasa tantancewa, nemi ɗan'uwansa a wata kalmar da ka riga ka gane a shafin, ka kwatanta. Kada a kama hannun yaro a bi kan rubutunsa, kada kuma babba ya ƙara wa harafi wutsiya don ya fito. Duba kuma ko haruffan na ƙara lalacewa zuwa ƙasan shafi. In haka ne, gajiya ce ko matse fensir, ko kuwa yana rubutu a kan gwiwa a tabarma da hasken tocila.

Barin kuskure a kaye ba ya nufin a naɗe hannu. Akwai iyayen da ke jin "kada ku gyara" sai su daina taimako gaba ɗaya, wannan ma kuskure ne. Wurin taimakon gida shi ne baki da allon alli, da wasu kalmomi dabam da na dikten. Na ɗauki *pain* da *faim*, burodi da yunwa, na ce ya kalli bakina: a *p* leɓɓa biyu na haɗuwa su buɗe, a *f* haƙoran sama ne ke sauka a kan leɓen ƙasa. In faɗi ɗaya, ya nuna ciki ko ya yi alamar gutsurar burodi. Minti biyar ya isa, sauti ɗaya a mako. Wanda bai yi boko ba ma yana da rabonsa: ya sa yaro ya karanta da yatsa, ya lura da inda ya tsaya ko ya yi gargada, ya gaya wa malama da baki.

Takardar da muka sa a cikin kayen gajera ce, layi uku da kwanan wata: ba mu taɓa komai ba; yana cewa "ba" a wurin *va*, yana sa *f* a wurin *p*; ya rubuta *b* amma ya karanta *d*. Ba mu yi amfani da jan bik ba, wannan na Malama ne, in aka haɗa hannu biyu a launi ɗaya ba za ta san nata ba.

Juya *b* da *d* abu ne da aka saba gani a 'yan shekara 6 da 7, yawanci kuma yana raguwa da kansa. Idan aka kai ƙarshen CE1 yana nan a kusan kowane shafi, ko yaro na tsallake gaɓoɓi sukutum, ko ya kasa karanta abin da ya rubuta a ranar, to a nemi zama da malama, a kuma kai shi asibiti a duba ido da kunne, musamman in yana kai fuska dab da takarda ko ya taɓa yin ciwon kunne mai ruwa. A wannan zaman tsofaffin kaye ake buɗewa a jera, na Oktoba kusa da na Maris, a ga wane kuskure ya tafi, wane ya tsaya. Shi ya sa na roƙi ƙanwata ta daina ba mai ƙosai kayen da ya cika, ta ajiye su a akwati har shekara ta ƙare.

Washegari kayen ya dawo da jan bik a ƙarƙashin kalma uku kawai, *ba* da *di* da *foison*. Malama ta matso da yaron benci na gaba, ta kuma aiko da saƙo cewa mu ci gaba da *p* da *f* a gida, mu bar mata *au* da *eau*.